Wasiƙar Baƙo Zuwa Ga Mai Asibiti: A Sake Gina Shafin Ko A Gyara Shi?

Duk mai asibitin kuɗi da ya taɓa sa adireshin imel ɗinsa a intanet, ko a Kano yake ko a Kaduna ko a Jos, ya san irin wannan wasiƙa. Daga wanda bai sani ba take zuwa, kuma ba shi ya nema ba. Galibi da Turanci ake rubuta ta, amma abin da ke cikinta bai cika wuce wannan ba:

"Ranka ya daɗe, Likita. Ni mai ƙera manhaja ne. Na leƙa shafin asibitinku na intanet, na tarar yana da nauyin buɗewa, ba ya zama daidai a waya, kuma ba shi da tsaro. Hakan yana sa kuna rasa marasa lafiya kullum. Zan iya sake gina muku shi cikin mako biyu, in sa muku wurin da mutane za su riƙa kama layin ganin likita tun daga gida, in kuma kai ku sahun farko a Google. Ga rahoton binciken da na yi a haɗe. Ko za ka ba ni minti goma sha biyar mu tattauna?"

Wani likitan gogewa yake yi tun bai kai layi na biyu ba. Wani kuma kalmar "ba shi da tsaro" ce ke tayar masa da hankali, har ya tura kuɗi kafin ya tambayi komai. Ni a ganina wasiƙar ta cancanci a karanta ta a natse, domin kusan duk wani aibi da ta ambata, mai asibiti zai iya tabbatar da shi ko ya ƙaryata shi da wayarsa cikin rabin awa, ba tare da ya biya kowa ko sisi ba. Abin da ya fi damuna shi ne abubuwa biyu da irin wannan wasiƙa ba ta taɓa ambata: wa zai riƙe makullan shafin bayan an gama aiki, kuma ina bayanan marasa lafiya za su je.

Da farko, yaya aka yi ta iso? Masu irin wannan talla sukan tattara sunayen asibitoci daga taswirar Google da jerin adireshin kasuwanci da ke warwatse a intanet. Sai su zuba su cikin wata manhaja da ke ɗaukar rubutu guda ta riƙa sauya sunan asibiti kawai, ta aika wa ɗaruruwa a rana ɗaya. Ita dai manhajar ce ke sake turo tunatarwa bayan kwana uku ko huɗu, wani lokaci har da `Re:` a kan taken, don ya zama kamar dama ana cikin magana. Shi ya sa za ka ga an ce wa asibitin da ba shi da shafi kwata-kwata wai shafinsa yana da nauyi.

Wannan ba ya nufin duk mai aikowa ɗan damfara ne. Da yawa matasa ne da suka koyi aiki da gaske, ba su da wanda zai gabatar da su ga manya, sai suka zaɓi ƙwanƙwasa ƙofa da kansu, kuma babu laifi a cikin neman halal ta wannan hanya. Ana gane wanda ya duba shafin da idonsa ta hanyar takamaiman abin da ya faɗa. Zai ce lambar wayar da ke shafin tuntuɓa ba ta shiga, ko jadawalin awon masu juna biyu na shekarar da ta wuce ne har yanzu. Wanda bai duba ba kuwa, maganarsa za ta hau kan kowane shafi a duniya.

Kafin a zo kan wannan ma, akwai ƙa'idar da ba ta da sassauci: kada a buɗe abin da aka haɗo da wasiƙar, kada kuma a danna mahaɗin da ke cikinta. "Rahoton bincike" tsohuwar hanya ce ta cusa muguwar manhaja a kwamfuta, ko ta kai mutum shafin bogi da zai nemi kalmar sirrinsa. Kwamfutar da ake karanta imel a kanta a ƙaramin asibiti, sau da yawa ita ce ke ɗauke da lissafin kuɗi da sunayen masu kati. In ana son sanin ko wasiƙar ta fito daga adireshin da take iƙirari, a Gmail na kwamfuta akwai zaɓin `Show original`, wanda ke nuna sakamakon gwaje-gwaje uku, `SPF` da `DKIM` da `DMARC`. In an ga `FAIL`, a bar maganar a nan. In an ga `PASS`, abin da ya tabbata kawai shi ne adireshin ba na jabu ba ne. Bai ce komai game da amanar mai shi ba. Wanda ya ce yana da kamfani, ana iya neman sunan kamfanin a wurin bincike na hukumar rajistar kamfanoni, CAC, wanda ke buɗe ga kowa.

Auna maganarsa da kanka

Ya ce shafin yana da nauyi. Google yana da ma'auni na kyauta a `pagespeed.web.dev`. Ana rubuta adireshin shafi, a jira ɗan lokaci, sai sakamako ya fito, ɗaya na waya ɗaya na kwamfuta. Na waya za a duba, tunda da waya kusan kowa ke neman asibiti. Akwai maki daga 0 zuwa 100 da ke fitowa da launin ja ko ruwan lemo ko kore, kuma wannan makin ne masu talla ke son ɗaukar hotonsa su tsorata mutane da shi. Amma makin gwaji ne da aka yi a kan waya mai rauni da layi mai jan ƙafa da gangan, kuma yakan sauya daga gwaji zuwa gwaji. Abin da ya fi amfani shi ne layin da aka rubuta `Largest Contentful Paint`, wato tsawon lokacin da babban abin da ke fuskar shafin ke ɗauka kafin ya bayyana. A ma'aunin Google, daƙiƙa biyu da rabi ko ƙasa da haka ya yi kyau, abin da ya haura daƙiƙa huɗu kuma ya yi muni.

To, in ya haura, mene ne dalili? A ƙananan shafuka irin na asibitoci, hotuna ne suka fi jawo shi. An ɗauki hoton ginin asibiti da waya mai kyau, an ɗora shi yadda yake, nauyinsa ya kai megabait huɗu. Lissafin mai sauƙi ne. Megabait huɗu daidai yake da megabit 32. Matar da ke neman lambar asibiti da daddare, a unguwar da layin ke ba da megabit biyu a daƙiƙa, za ta jira daƙiƙa 16 saboda wannan hoto ɗaya. In aka rage hoton zuwa kilobait 200, girman da ya ishi fuskar waya, zai sauka cikin ƙasa da daƙiƙa guda, kuma datarta ba za ta ƙone a banza ba. Wannan aikin awa ɗaya ne ko biyu ga wanda ya iya. Ba dalilin rushe shafi ba ne.

Ya ce ba ya zama daidai a waya. Wannan ba ya buƙatar wani ma'auni. A ɗauki wayar mai gadi ko ta nas, ba sabuwar wayar likita ba, a kashe wayafai na asibiti, a buɗe shafin da data. Rubutun yana karantuwa ba sai an buɗa shi da yatsu biyu ba? In aka taɓa lambar waya, tana kira kai tsaye? Ana ganin lokutan aiki da kwatancen wuri ba tare da an sha wahala ba? In amsar duka a'a ce, to mai wasiƙa ya yi gaskiya, kuma wannan aibi ne na ainihi. Shafin da aka tsara shi don faffaɗan allon kwamfuta shekaru goma sha da suka wuce yakan yi wuyar gyaruwa, kuma Google ma da sigar waya yake duba shafuka wajen jera su.

Ya ce ba shi da tsaro. Nan ne ake yawan wasa da hankalin mutane, domin kalmar tana ɗauke da abubuwa biyu mabambanta. Na farko shi ne abin da ake gani a saman burauza. Tun watan Yulin 2018, Chrome ke rubuta `Not secure` a gefen duk shafin da adireshinsa ya fara da `http` maimakon `https`. Ma'anarsa ita ce abin da mutum ya rubuta a shafin yana tafiya a buɗe, wanda ke kan hanya zai iya karantawa. Maganinsa wata takardar shaida ce da ake ɗora wa shafin, kuma ƙungiyar Let's Encrypt tana ba da ita kyauta shekara da shekaru. Yawancin kamfanonin da ke ajiye shafuka suna kunna ta da danni ɗaya, tana kuma sabunta kanta. Duk wanda ya nemi maƙudan kuɗi a kan wannan kaɗai, ko dai bai san aiki ba ko yana ganin ba ka sani ba.

Na biyu ba ya ganuwa daga waje, kuma shi ne mai haɗari. Fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kan manhajar WordPress aka gina su, kuma shafin asibiti yakan ɗauki ƙananan manhajoji na ƙari masu yawa, wannan na fom, wancan na hotuna. Idan aka yi shekara biyu ko uku ba wanda ya sabunta su, ɓarayin intanet sukan shiga ta kafofin da aka riga aka sani. Ba lallai su san da asibitin ba ma, injinansu ne ke bin shafuka ɗaya bayan ɗaya. Alamar ita ce ka nemi sunan asibitinka a Google ka ga tallar caca ko ta magungunan ƙarfin maza a ƙarƙashin adireshinka, ko mutane su ce in sun danna shafin yana jefa su wani wuri. In abin ya kai haka, maganar sake gini ta zama mai ma'ana.

Sauran biyun ba aibi ba ne da za a auna, zance ne kawai. "Kuna rasa marasa lafiya kullum" ba abu ne da baƙo zai sani ba, tunda bai ga rajistar asibitin ba. Hanyar sani ita ce a sa mai yankan kati ta riƙa tambayar duk sabon zuwa, na tsawon wata guda, yadda ya ji labarin asibitin. A garuruwanmu amsar takan kasance 'yar uwa ce ta haihu a nan, ko maƙwabci ya kwatanta, ko kuma an gani a taswirar Google. Wannan na ƙarshen ma ba shafin asibiti ba ne, rajistar `Google Business Profile` ce, kuma kyauta ake yin ta. Alkawarin sahun farko a Google kuwa, kamfanin Google da kansa ya bayyana cewa ba wanda zai iya ba da tabbacin hakan, har ya ja kunnen masu shafuka game da masu aiko irin wannan tayi ba tare da an neme su ba. Wanda ya yi wannan alkawari ya rage wa kansa daraja a idona.

Mu ɗauki misali. A ce asibitin haihuwa ne mai gado goma sha biyu, an gina masa shafi shekara shida da suka wuce, mai fuska biyar: gida, ayyuka, likitoci, hotuna, tuntuɓa. Mai asibitin ta yi gwajin nan. Babban hoto ya ɗauki daƙiƙa tara. Rubutu yana karantuwa a waya, amma lambar ba ta kira in an taɓa ta, ga shi ma an daina amfani da layin. Burauza ta rubuta `Not secure`. Ba a ga tallar caca ba. Hukuncin wannan shafi gyara ne: a rage hotuna, a kunna takardar shaida, a sabunta manhajoji bayan an kwafi komai an adana, a sauya lamba, a sa maɓallin da zai kai mutum WhatsApp na asibiti kai tsaye. Shi ma wannan maɓalli layi ɗaya ne, lambar waya ce da aka cire mata sifilin farko aka sa 234:

```
https://wa.me/234XXXXXXXXXX
```

Duka aikin kwana ɗaya ne zuwa biyu. Amma da ta zo ba wa mai gyara izinin shiga, sai ta gano ba ta da kalmar sirrin komai. Ɗan ƙawarta ne ya gina shafin, da imel ɗinsa ya yi rajistar komai, yanzu kuma ya bar ƙasar.

Wa ke riƙe da makullai?

Shafin intanet abu uku ne a haɗe. Akwai sunan adireshi, wanda ake kira domen, shi ne abin da ke ƙarewa da `.com` ko `.com.ng` ko `.ng`. Akwai masauki, wato kwamfutar wani kamfani da ke ajiye da shafin dare da rana, ana biyanta haya. Sannan akwai shi kansa shafin, rubuce-rubuce da hotuna da manhajar da ke tafiyar da su. Domen kamar takardar mallakar fili yake: magini zai iya rushewa ya sake ginawa sau goma, amma in takardar da sunansa take, ginin ma ba naka ba ne.

Domen ba a sayensa a mallaka har abada. Ana biya ne shekara-shekara ta hannun kamfanin rajista, kuma waɗanda ke ƙarewa da `.ng` suna ƙarƙashin kulawar ƙungiyar NiRA. Ranar da wa'adi ya cika ba a biya ba, shafi ya ɗauke, imel ɗin asibiti da ke ɗauke da wannan suna shi ma ya tsaya. Ga domen na `.com`, kamfanin rajista yakan ba da ɗan lokacin sassauci, bayansa akwai kwana 30 da za a iya fanso shi da kuɗi mai tsada, daga nan sai a sake shi ga duk wanda ya riga kamawa. Akwai masu sana'ar jiran irin waɗannan sunaye. Suna da aka buga a jikin kati da takardar magani da allon ƙofa zai iya komawa hannun mai tallar caca saboda sanarwar biyan kuɗi tana zuwa akwatin imel ɗin da ba mai dubawa.

Ana iya ganin kamfanin rajista da ranar ƙarewar wa'adin domen na `.com` a `lookup.icann.org`. Na `.ng` kuma NiRA tana da nata wurin binciken. Sunan mai shi galibi a ɓoye yake, saboda haka ainihin gwajin shi ne wannan: mai asibiti zai iya shiga asusun kamfanin rajistar da kansa, yau, da imel ɗinsa da kalmar sirrinsa? In ba zai iya ba, wannan ce matsalarsa ta farko, ta riga nauyin hoto da komai. Sai a nemi wanda ya yi rajistar tun ana shiri da shi, ya mayar da asusun ko ya ba da lambar canja wuri da ake kira `EPP code`.

Shi ya sa nake ganin babban kuskure ne a amsa wa baƙon magini da "to, ka ɗauki komai ka yi." Mutumin kirki ma zai iya yin rajistar komai da sunansa don sauƙin aiki, ba da mugun nufi ba, sannan rayuwa ta kai shi wani wuri. Wanda ba na kirki ba kuwa, bayan shekara zai turo takardar kuɗin "sabuntawa" da ta ninka ainihin farashi sau da yawa, kuma ba yadda za a yi da shi. Tsarin da ya dace shi ne asibiti ya buɗe asusun domen da na masauki da imel ɗin da mai asibitin ke riƙe da shi, ya biya da katinsa, sannan ya ba magini izinin shiga na daban wanda za a iya rufewa ranar da aka rabu.

Akwai ɓarna biyu da sake gini kan jawo ko da magini mai gaskiya ne, in bai ƙware ba. Idan ya mayar da shafin sabon masauki bai kwashe bayanan da ke nuna inda wasiƙu za su sauka ba, waɗanda ake kira `MX`, imel ɗin asibiti zai daina karɓar saƙo shiru, ba wata sanarwa. Sai bayan kwanaki a lura kamfanin inshorar lafiya bai amsa ba, alhali ya amsa, wasiƙar ce ta ɓata. Na biyu, idan adireshin fuskokin shafin ya sauya ba a sa musu turawa ta `301` daga tsoho zuwa sabo ba, duk wanda ya danno daga Google zai tarar da `404`. Tambayar magini yadda zai bi da waɗannan biyun tana saurin nuna zurfin saninsa.

Fom ɗin kama layi

A cikin tayin duka, wurin kama layi daga gida shi ne ya fi jan hankali, kuma shi ne ya bambanta shafin asibiti da na shagon atamfa. Da zarar fom ya tambayi suna da lambar waya da "abin da ke damunka", asibiti ya fara tattara bayanan lafiya ta intanet. Mace za ta rubuta cewa ta yi ɓari sau biyu. Wani zai rubuta ciwon da ko matarsa bai gaya wa ba. Ina wannan rubutu yake zuwa? A yawancin ƙananan shafuka, fom yana aika kwafi zuwa wani akwatin imel, yana kuma ajiye wani kwafin a cikin shafin. Magini kan sa nasa imel ɗin lokacin gwaji, ya manta bai cire ba. Duk mai kalmar sirrin shafin kuma zai iya karanta komai.

Doka ba ta ɗauki wannan da wasa ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta sirranta bayanan mara lafiya. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta sa bayanan lafiya a rukunin bayanai masu tsananin sirri, ta kuma kafa hukumar NDPC don sa ido. A ƙarƙashinta, asibiti ne ke da alhakin bayanan da ya tattara, ko da wani ne ya gina masa fom ɗin. Wanda zai taɓa bayanan a madadin asibiti sai da yarjejeniya a rubuce. Idan bayanai suka fita ta yadda za su iya cutar da masu su, dole a sanar da hukumar cikin awa 72 da ganowa. Tarar kuma tana iya kai wa naira miliyan biyu ko kashi biyu cikin 100 na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa, ga manyan masu riƙe bayanai kuma naira miliyan goma ko wannan kashi biyun. Amma ni ba tarar ce ta fi tsaya mini a rai ba. A garin da kowa ya san kowa, sirrin mace ɗaya da ya fita daga asibiti zai iya kashe mata aure.

Saboda haka ƙaramin asibiti ya tambayi kansa ko yana buƙatar fom ɗin ma. In ba wanda aka ware zai riƙa duba shi kowace safiya, mutane za su kama layin da ba wanda ya san da shi, su zo a ce ba a gani ba. In kuma ana buƙatarsa, a taƙaita shi ga suna da lamba da ranar da ake so da sashen da za a gani. Bayanin ciwo a bar shi sai an zo gaban likita. Kada kuma a yarda a haɗa shafin talla da manhajar da ke riƙe da fayil ɗin marasa lafiya ko sakamakon gwaji saboda kawai baƙo ya ce zai iya. Wannan wani aiki ne daban, mai buƙatar wani irin gwani daban.

Wani abin da magini bai cika sani ba shi ne likita ba ya talla yadda ɗan kasuwa ke yi. Ƙa'idojin ɗa'a na majalisar likitoci, MDCN, sun taƙaita tallata kai da zawarcin marasa lafiya. Magini da ya saba da shafukan kasuwanci zai so ya rubuta "asibiti mafi kyau a Arewa", ya jera yabon waɗanda suka warke, ya sa hoton mai jego da jaririnta. In ƙorafi ya taso, lasisin likita ne a gaba, ba na magini ba. Duk kalmar da za ta hau shafi, likita ya karanta ta da kansa, kuma hoton mara lafiya ba ya hawa sai da izininsa a rubuce.

Idan bayan duk wannan an ga akwai aikin yi kuma mai wasiƙar ya nuna alamar sani, babu laifi a amsa masa. Amsar ba ta buƙatar tsawo:

"Malam, na ga saƙonka, na gode. Ka rubuto mini a cikin wasiƙa, ba a haɗe ba, abubuwa uku da ka gani a shafinmu, da wanda gyara zai wadatar da wanda sai an sake gini. Ka turo mini adireshin shafuka biyu da ka gina waɗanda ke aiki yanzu, da lambar masu su. Domen da masauki za su kasance da sunan asibiti. In ka amince da haka, sai mu yi magana."

Masu aika wa ɗaruruwa yawanci ba sa dawowa bayan irin wannan amsa, ko su dawo da rangwamen da "zai ƙare gobe". Mai sana'a na gaske kuwa zai ji daɗinta, don ta nuna masa yana magana da wanda zai gane ƙimar aikinsa. A kira mutanen da ya bayar, a yi musu tambayar da ta fi kowace: bayan an gama biya, in abu ya lalace, yana ɗaukar waya?

Kuɗi kuma a raba shi. A ce an daidaita a kan naira dubu ɗari shida, misali kawai nake bayarwa, ba farashin kasuwa ba. Kafin alƙalami dubu 180. Sai dubu 240 ranar da aka ga sabon shafin yana aiki a adireshin gwaji, tsohon yana nan ba a taɓa shi ba. Ragowar dubu 180 sai bayan shafin ya hau, an aika imel daga waje an ga ya shigo, an cika fom an ga inda ya sauka, kuma an miƙa duk kalmomin sirri da cikakken kwafin shafin. A rubuta a takardar yarjejeniya nawa ne kuɗin domen da na masauki a shekara, nawa ne ladan kulawa, da kuma wanda zai riƙa sabunta manhajoji, domin sabon shafin da aka bari ba kulawa zai koma halin tsohon cikin 'yan shekaru.

Likita, ko ka amsa wasiƙar ko ka goge ta, ka duba ranar da wa'adin domen ɗin asibitinka zai ƙare a wannan makon, ka kuma gwada shiga asusunsa da kanka. In ka kasa shiga, ka nemi wanda ya yi maka rajistar tun lambarsa tana shiga.